Wasiƙar neman bayani kan jinkirin biza

Tudun Wada, Zariya,
Jihar Kaduna.
28 ga Afrilu, 2025.

Zuwa ga Shugaban Sashen Biza,
Ofishin Jakadanci, Abuja.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne don in ji inda aka kwana game da bizar Schengen ta gajeriyar ziyara da na nema, mai lamba ABJ-250303-0417.

Ranar Litinin 3 ga Maris na miƙa fasfona da takarduna a cibiyar karɓar takardunku da ke Abuja. An ɗauki hoton yatsuna, na biya kuɗin biza daidai da Yuro 90, aka ba ni rasit, aka ce in saurari amsa cikin kwana 15. Na san Sashe na 23 na dokar biza ta Tarayyar Turai ya ba ku damar tsawaita wa'adin zuwa kwana 45 idan takardun mutum na buƙatar ƙarin bincike, shi ya sa da 18 ga Maris ta wuce ban ce komai ba. Na kuma yi uzuri da hutun ƙaramar Sallah. To amma kwana 45 ɗin ma sun cika tun 17 ga Afrilu. Yau kwana 56 ke nan, shafin duba matsayin takarda bai sauya ba, kullum ana kan aiki. Sau biyu na kira cibiyar, suka ce hukuncin yana hannunku.

Ni malamar firamare ce da ta yi ritaya. 'Yata da ke karatu a ƙasarku tare da mijinta tana da tsohon ciki, haihuwar fari, likita ya ba ta 20 ga Mayu. A wurinmu mai haihuwar fari gida take dawowa uwarta ta kula da ita har ta yi arba'in. Ita ba ta da halin zuwa, shi ne na ce ni zan je, in yi mako shida in dawo ɗakina. Don gudun irin wannan matsi ne na nema tun saura wata biyu da 'yan kwanaki.

Ranar tafiyata 10 ga Mayu ce, kuma ranar ce inshorar lafiyata ta Yuro 30,000 za ta fara aiki. Kujerar jirgin da aka riƙe mini ta kuɓuce sau ɗaya, na sake kamawa da ƙarin kuɗi.

Ina roƙon a sanar da ni ko akwai takardar da ta rage. Idan bayanin asusun bankina ya tsufa, ko ana son sabuwar takardar gayyata, ko ganawa da ni ido da ido, zan iso Abuja washegarin ranar da aka kira ni. In kuwa komai ya cika, a taimaka a faɗa mini ranar da zan sa ran amsa, kafin 5 ga Mayu in da hali, don 'yata ta san shirin da za ta yi.

Na haɗo kwafin rasit, da shafin farko na fasfo, da takardar likitanta.

Na gode.

Taku,
Hajiya Rabi Garba