Intabiyu: “Faɗa Mana Rauninka”

Wasan kwaikwayo don ɗaliban babban aji na koyon magana. Mutum uku za su fito: shugabar kwamitin ɗaukar ma'aikata, manajan sito, da wani matashi mai neman aikin mataimakin manaja a kamfanin rarraba kaya. An yi minti 20 ana ganawa, an gama maganar takardu. A bar shirun da ke tsakiya ya ɗan ja, kada a yi gaggawar cike shi.

Shugaba: To Malam, mun ji abubuwan da ka iya. Yanzu mu juya ɗaya gefen. Mene ne babban rauninka a wajen aiki?

Mai neman aiki: Ranki ya daɗe, zan ce son aikina ya yi yawa. Idan na fara abu ba na iya tashi sai na ga bayansa.

Shugaba: (ta ajiye biro) Kai ne na huɗu da ya ba mu wannan amsar tun safe. Yabon kai ne ka sa masa rigar aibi. Ina nufin abin da ya taɓa jawo maka matsala, wanda maigidanka na baya zai ambata idan na kira shi yanzu.

(Shiru na ɗan lokaci.)

Mai neman aiki: Gaskiyarki, Hajiya, a yi mini afuwa. Abin da zai faɗa shi ne ina jinkirin kai rahoton matsala. Idan abu ya kwaɓe, nakan so in gyara shi ni kaɗai kafin kowa ya sani.

Manaja: Ba mu misali. Ba a dunƙule ba.

Mai neman aiki: Ranka ya daɗe, a shekarata ta biyu a inda na baro, na yi ƙidayar ƙarshen wata sai na ga katan 40 sun ɓace tsakanin littafi da abin da ke kan kanta. Maimakon in sanar a ranar, sai na ce bari in gano bakin zaren tukuna. Kullum bayan an tashi nakan zauna ina bin takardun shigar kaya da na fitarsu ɗaya bayan ɗaya. Kwana tara ina wannan.

Manaja: Ka gano?

Mai neman aiki: Na gano. Ashe mota guda aka rubuta sau biyu, kayan ba su taɓa shigowa ba balle su ɓata. Sai dai kafin nan sashen ciniki ya riga ya yi wa wani abokin hulɗa alkawarin kayan, saboda littafi ya nuna akwai su. Da na yi magana ranar farko, akanta zai warware abin cikin awa ɗaya, don rasit ɗin yana hannunsa.

Shugaba: Me ya hana ka magana? Tsoro?

Mai neman aiki: Har da shi. Amma abin da ya fi yawa jin nauyi ne. Ina ganin kamar in je wa maigida da matsala ba tare da mafita ba gazawa ce. Shi kuwa da ya kira ni, cewa ya yi kuskuren lissafin bai dame shi ba, shirun ne ya ɓata masa rai.

Manaja: To ka daina ke nan?

Mai neman aiki: In na ce na daina gaba ɗaya na yi ƙarya. Halin yana nan, dabaibayi na yi masa. Na kafa wa kaina doka: duk matsalar da na kasa warwarewa kafin a tashi aiki, a ranar zan rubuta wa na sama da ni layi uku, abin da na gani, abin da na gwada, da abin da nake buƙata. Shekara ɗaya da rabi ke nan ina bin wannan. Sau ɗaya na saɓa, na kai washegari da rana, kuma ni na fara faɗa da bakina.

Manaja: A nan kaya na shiga da fita har dare. Idan ka ga giɓi ƙarfe tara na dare, ni kuma na tafi gida fa?

Mai neman aiki: Zan tura maka saƙo nan take, in rubuta a littafin miƙa aiki don mai karɓa ta ya gani. Idan giɓin ya shafi kayan da za a loda da asuba, to kiranka zan yi, ko da zan tashe ka daga barci.

Manaja: (ya yi murmushi) Ka dai tabbata ka ƙirga sau biyu kafin ka tashe ni.

Mai neman aiki: In sha Allahu, ranka ya daɗe.

Shugaba: (tana rubutu) Madalla. Za mu tambayi tsohon maigidan naka batun katan 40 ɗin nan, ka amince?

Mai neman aiki: Na amince, Hajiya. Lambarsa na shafi na biyu na takardar da na miƙa.

Shugaba: To, mu je tambaya ta gaba. Yaushe za ka iya fara aiki?