Wasiƙa zuwa ga Ummi a kan miyar taushe

Kano, 20 ga Oktoba

Zuwa ga 'yata Ummi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya kamar yadda muke a nan. Ya karatu, ya sanyin Birmingham? Abbanku na gaishe ki.

Na zaɓi in rubuto ne saboda duk abin da na faɗa miki a waya, kafin ki isa kicin ya bi iska. Hoton miyar da kika turo ranar Juma'a kuwa, ni da Innarku Hajara mun sha dariya har da hawaye. Uwata, wannan ai romon kabewa ne. Amma ba laifinki ba ne, laifin kabewar ne. Hajara ta yi wata huɗu a can lokacin jegon surukarta, ita ta zauna ta warware mini yadda kayan miyarku suke, na haɗa da abin da na sani.

Wannan ƙatuwar kabewa mai ruwan lemo da ke cika shaguna a ƙarshen Oktoba, wadda suke fafewa su kunna kyandir a ciki, ki bar musu abarsu. Ido kawai take cikawa, cikinta ruwa ne tsululu, ba gari ba zaƙi. Ki nemi mai dogon wuya da ƙaton gindi kamar gora, bawonta kalar ƙasa-ƙasa, cikinta ja. Ita ce ta fi kusa da tamu ta kasuwar 'Yankaba. Guda ɗaya madaidaiciya ta ishe ki tukunya. Bawonta da tauri, don haka ki fara raba ta biyu a daidai wuya, ki tsayar da kowane ɓari a kan katako sannan ki fere. Kada ki riƙe a hannu yadda muke yi a nan, ki yanke mini yatsa a ƙasar mutane.

Nama ki je wajen mahautan halal na Fakistanawa, ki ce rabin kilo na babbar tunkiya mai ƙashi, su sassara miki. Ɗan ragon da suka fi sayarwa kitse ne da shi, kuma nan da nan yake narkewa. Kazarsu ma haka, kafin kabewa ta ji wuta ta zama fate. Taushe kuwa ƙashi ne ransa. Ki wanke naman, ki ɗora da albasa guda, tafarnuwa, citta, gishiri da dunƙule ɗaya, ruwan ya ɗan rufe shi kawai. Idan ya yi kamar minti arba'in, ki zuba yankakkiyar kabewar a kai ta dahu cikin romon. Da ta yi laushin da cokali zai shige ta ba gardama, ki tsame, ki dame ta da bayan ludayi. Ni ba na son a markaɗa ta a inji ta yi sumul kamar kunun jarirai, a bar ɗan gudaji-gudaji.

Tumatirinsu ɗanye a wannan lokaci, in ji Hajara, kyau ne kawai ba ɗanɗano. Ki sayi na gwangwani, wanda aka fere aka bar shi dunƙule, mai giram 400, guda ɗaya. Ki haɗa da jan tattasai biyu, albasa ɗaya da attarugu ki markaɗa. Attarugun da ake samu a shagunan 'yan Afirka da mutanen Jamaika ba ya wasa, ki fara da rabi. Na san ki da cika baki a kan yaji, ki fara da rabi dai.

Yanzu man ja. Cokalin miya uku ya isa, ki bari ya narke kawai ki jefa albasa. Kada ki tsaya jiran ya yi hayaƙi. Ɗakunanku a rufe suke, ga na'urar nan ta saman rufi mai ihu da ta ji hayaƙi, kada ki tara wa kanki maƙwabta a kan miya. Ki zuba markaɗen ki soya, ki yi ta soyawa kina juyawa har ruwan ya ƙone, mai ya taso sama, launin ya koma ja mai duhu. Na gwangwani yana da tsami, kuma haƙurin suya ne ke kashe shi. A nan ne kike gaggawa tun kina gida, ina sane.

Daddawa, in wadda na ƙulla miki ta ƙare, ki tambayi iru a shagon Yarabawa, yawanci a firiza suke ajiyewa. Kalwa ɗaya ce da tamu, sai dai tasu a warwatse take kuma da danshi. Ki ɗauraye cokali ɗaya ki murje. Ki buɗe taga kafin ki sa, don abokan zamanki ba su san daɗinta ba, warinta kawai za su ji.

Sai ki juye nama da romonsa a kan soyayyen kayan miyan, ki kawo kabewar ki zuba. Gyaɗa kuma ga sauƙi ya zo miki, ba suya ba kai niƙa. Markaɗaɗɗiyar gyaɗar kwalba da suke shafa wa burodi ita ce tunkuzarki, amma ki juya bayan kwalbar ki karanta. In kin ga sukari a ciki ki mayar, ki ɗauki wadda gyaɗa ce zalla ko da ɗan gishiri. Cokali uku, ki dama da romo mai ɗumi a kofi har ta saki, sannan ki tsiyaya. In kika jefa ta a dunƙule haka za ta zauna. Daga nan ki rage wuta sosai, domin gyaɗa da kabewa duk masu kama gindin tukunya ne, kuma murhun lantarki ko an rage shi yakan jima da zafinsa. Kada ki tafi duba waya. Minti goma sha biyar kina leƙawa kina juyawa.

Alayyafonsu laushi gare shi kamar auduga. Na firiza ya fi araha kuma ya fi auki: ki bari ya saki, ki matse ruwan da hannu sosai. Shi ne na ƙarshen shiga, minti uku ki sauke. Yakuwa ce mai wuya. Hajara ta ce takan ci karo da ita a shagunan Indiyawa, suna ce mata gongura. In kin samu, tafin hannu ɗaya ya isa, ki sa ta kafin alayyafo. In babu, ki jiƙa tsamiya kaɗan, ita kam ba ta yankewa a shagunansu, ki tace cokali biyu a ciki. Lemon tsami ma yana yi, amma sai bayan kin sauke. Ki ɗanɗana gishiri a ƙarshe. Miyar da ta yi, in kin ɗebo a ludayi kin karkata, a hankali take sauka, mai yana kewaye da ita.

Tuwo kada ki wahalar da kanki da basmati, ba ta haɗuwa ko za ki kwana kina tuƙi. Ki nemi gajeriyar shinkafa mai danƙo wadda suke dafawa da madara, ki cika mata ruwa ta dahu lugub, ki tuƙa.

Ki yi tukunya guda ranar Asabar, ki raba a robobi huɗu ki sa a firiza, ranar da kika dawo daga makaranta cikin duhu da sanyi sai ɗumame. Ki ɗibar wa yarinyar nan 'yar Sudan da kika ce tana kawo miki shayi.

Wanda zai kawo miki wasiƙar nan na ba shi kuka, busasshiyar kuɓewa da yajin da na daka da kaina. Ki kira shi ki yi godiya. Sadiƙu ya ce kada ki manta da rigar ƙwallonsa. Ki riƙa sa safa, ki kula da salla a kan lokaci tunda ranarku ta fara gajarta. In kin yi miyar ki turo hoto, Hajara na jira.

Allah ya yi miki albarka, ya dawo mana da ke lafiya.

Mahaifiyarki,
Mama