Wasiƙa game da takobin da aka kawo shago

Unguwar Birni, Damagaram
Laraba, 12 ga watan Maris 2025

Zuwa ga Malam Isufu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali, na rubuto ne game da takobin da ka bari a shagona ranar Alhamis da ta wuce, wanda aka sayar maka a kan cewa na zamanin Sarki Tanimun na Damagaram ne, kai kuma ka nemi jika 800 a kansa.

Na duba shi da kyau, na kuma kai wa wani dattijon maƙeri da muka daɗe muna hulɗa, bakinmu ya zo ɗaya. Ka yi haƙuri, Malam, takobin ƙirar zamani ne, saboda haka ba zan iya sayensa ba.

Sarki Tanimun ya rasu a 1884, ka ga ke nan takobin zamaninsa ya kai shekara 140 aƙalla. Ƙarfen da ya yi wannan shekaru yakan yi duhu a hankali, kaifinsa ya cinye saboda yawan wasawa. Naka kuwa, idan ka karkata shi a hasken rana, za ka ga siraran layuka a jere, duk tsawonsu ɗaya, irin waɗanda injin gurza ƙarfe yake bari. Tsatsar ma a sama kawai take. Na goga wuri kaɗan da tsumma da mai, sai ga farin ƙarfe yana ƙyalli, alamar an jiƙa shi da ruwan batir ne don ya yi kama da tsoho. Abin da ya yanke shakka shi ne ƙotar, domin da muka ɗaga fatar da ta naɗe ta mun tarar da ɗigon walda ta lantarki, abin da babu maƙerin wancan lokaci da ya san shi. Kuben kuma da zaren roba aka ɗinke shi.

Ban zarge ka da komai ba, don na san kai ma abin da aka faɗa maka ka faɗa mini, kuma ni kaina irin wannan ta taɓa cin kuɗina a farkon shigata sana'ar. Gaskiya wanda ya ƙera shi gwani ne, kuma mai neman takobin hawan Salla zai iya ba ka jika 25 ko 30. Amma masu saye a wurina tsohon kaya suke nema, kuma da maganata suke dogara.

Takobin yana nan a ajiye cikin kubensa. Kana iya zuwa ka karɓa kowace rana bayan La'asar, in nuna maka wuraren da idonka, domin ka san abin da za ka faɗa wa wanda ya sayar maka.

Naka,
Alhaji Laminu