Gammo

Jajibirin ƙaramar Sallah ne, Kejetia ta cika ta batse ko allura ka jefa sai ta faɗa kan mutum. Ni dai da ma ban so fitowa ba, amma yara sun ishe ni da maganar takalmi, ga tumatir da albasa ban saya ba, ga azumi a baki, sai na hau trotro daga Aboabo wajen ƙarfe sha ɗaya ina ta mita a raina. Wannan ce Sallar farko da za mu yi babu Mma. Wata bakwai kenan da muka kai ta maƙabartar Tafo.

Na gama da masu tumatir, wata Maame ta tsuge ni sidi 60 a ɗan abin da bai cika leda ba, ina ƙoƙarin kutsawa ta wajen masu yadi, wannan ya ture ka wancan ya taka ka, masu kaya suna ta agoo agoo, warin kifi da zufa da kwata duk sun haɗu, kawai sai naji shi.

Turaren Mma.

Wallahi tsayawa nayi cak har wani mai baro ya zage ni da Asantanci ban ko waiga ba. Kar wani yace min ai turare kama yake, Bintu Sudan kowace tsohuwa a zango tana da shi. Na sani. Amma na Mma ba haka nan take shafa shi ba, juye shi take a wata tsohuwar kwalba ta zuba kanumfari da farce da ta soya ta daka da wani abu da ita kaɗai ta sani, ta ajiye ƙarƙashin gado sai ya yi wata kafin ta taɓa. Shekara sama da talatin tana dafa waake a bakin titi, hayaƙin itace ya kama jikinta ba ya fita, to in ta yi wankan magariba ta shafa turaren nan sai su gauraya da hayaƙin su ba da wani ƙamshi da babu mai sayar da shi. Shi naji, har da hayaƙin.

Sau nawa tana ce min Asibi zo ki ga yadda ake haɗawa, ina ce mata Mma ni bana son ƙamshin tsofaffi. Ta yi dariya tace za ki tsufa ai.

Ban san lokacin da na fara bin shi ba. Ya ɓace, ya dawo, ya sake ɓacewa wajen masu barkono, ina ta shinshina iska kamar wadda aljanu suka taɓa, ina leƙa fuskar duk wata dattijuwa mai mayafi. Har wata Hajiya na riƙe wa hannu, ta juyo tace lafiya baiwar Allah, nace yi haƙuri Hajiya na ɗauka wata ce. Hankalina ya san Mma tana Tafo, ni na zuba mata ruwa da aka yi mata wanka, amma ƙafata bata san da wannan ba.

A gindin matakala na same shi. Wata 'yar kayayo ce zaune cikin kwanonta tana hutawa, yarinya ƙarama bata fi sha takwas ba, da goyo a baya yana barci bakinsa buɗe. Gammonta na kan cinyarta ta warware shi tana fifita da shi. Mayafi ne ruwan ƙasa mai ɗigon fari, bakinsa ɗaya da ƙuna kamar girman kwabo.

Ni na ƙona shi. Ina aji huɗu a firamare, na ɗauko kaskon turaren wuta garwashi ya faɗo a kai, Mma ta bi ni da muciya har gidan maƙwabta. Bata taɓa yar da shi ba, da shi take sallar asuba.

Nace 'yata, ina kika samu wannan? Ta miƙe da sauri ta ɓoye shi a baya, da 'yar Hausarta da bata nuna ba tace Mma ban sata ba, wallahi ban sata ba, sadaka ne. Wai wata tsohuwa ce ta kawo musu buhun kaya can Dagomba Line inda suke kwana, farkon azumin nan, kowa ta ɗauki ɗaya. Nan na gane Gwaggo ce. Bayan sadakar arba'in ni na tattara kayan Mma na cusa a buhu ko dubawa ban yi ba, nace Gwaggo ki kai duk inda za ki kai ni dai kar in sake ganinsu. Ashe ta riƙe su a ɗakinta duk watannin nan bata iya rabuwa da su ba sai da azumi ya kama. Ni kuwa da nake 'yar cikinta ko ɗankwali ban ajiye ba, a lokacin gani nake ƙarfin hali nayi.

Na buɗe jaka nace zan saya, sidi 100. Ta kalli kuɗin ta kalle ni, ta san ba za ta samu haka ba ko ta wuni tana ɗauka. Sai ta juya ta kalli yaron, tace da rana gammo ne, da dare shi take rufa masa, in babu shi kuka yake har masu ɗakin su yi faɗa. Tace amma in ina so in ɗauka. Ta miƙo min da hannu biyu.

Na karɓa. Ya yi datti ya sha zufa, na kai hanci, azumi ko ba azumi ba sai da na ja numfashi har ƙirjina ya yi zafi, ina tsaye tsakiyar Kejetia ina hawaye mutane suna ratsa ni babu wanda ya damu. Sannan na naɗe shi yadda Mma take naɗa gammo in za ta ɗauki tukunya, na ɗora mata a ka, nace ɗauko min kayana mu je tasha.

Tace wane kaya? Na nuna ledar tumatir. Ta yi dariya har ta rufe baki, amma ta sa a kwanon, na kama mata ta ɗora. Tana gaba ina baya, duk inda ta ratsa ƙamshin yana dawo min, na ce mata ta rage sauri ƙafata na ciwo, alhali ƙafata lafiya lau. Sai da muka kai wajen motocin Aboabo na cusa mata ɗarin nan a hannu, tana ta godiya da yarensu, nace ki riƙa wanke shi dai amma kar ki sa omo da yawa. Ban ma tambayi sunanta ba.

Sai da trotro ta tashi na tuna takalman yara. Na ce su sa na bara. Hannuna na dama yana kan hancina tun daga tasha, da met ya zo karɓar kuɗi da hagu na miƙa masa, ya harare ni, nace yi haƙuri ɗana.