Likita, muryata ta dishe tun bayan biki

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni malamar firamare ce a Gusau, ajina yara sun haura 70. Ranar Asabar aka kai ƙanwata ɗakin miji, na sha guɗa da hayaniya, na wayi gari murya ta dishe. Yau kwana 4 ke nan, da raɗa nake koyarwa. Yaushe za ta dawo?

Amsa: Wa'alaikumus salam Malama, Allah ya ba su zaman lafiya. A maƙogwaro akwai wasu tantani guda biyu da ke kaɗawa su fitar da murya, na mace kan kaɗa wajen sau 200 a daƙiƙa ɗaya. Ihu da doguwar magana suna sa su yi ta bugun juna da ƙarfi har su kumbura, shi ne dishewar. In an huta, tana sauƙi cikin 'yan kwanaki, akasari ba ta wuce mako ɗaya zuwa biyu.

Sai dai ke ba ki huta ba. Raɗar nan da kike gani kamar lallaɓa murya ce, ita ma matse tantanin take yi. In magana ta zama dole, yi ta a hankali da muryarki ta kullum, ki taƙaita. Da za ki samu kwana biyu a gida, ya fi. In bai yiwu ba, ki yawaita rubutu a allo, monita ya karanta, ki tsawatar da tafi ko ƙararrawa. Doguwar hira a waya ma a jingine ta, har da ta labarin biki.

Ki riƙa kurɓar ruwa a kai a kai, musamman lokacin da hunturu ke busar da maƙogwaro. Ki yi sirace da ruwan zafi zalla, ki nisanci hayaƙin murhu da na turaren wuta. In kin ji kamar ki yi gyaran murya, haɗiyi yawu ko ki kurɓi ruwa. Zuma da citta suna sanyaya maƙogwaro, ban hana ki ba, amma ba su za su sacce kumburin ba. Kada ki je kemis a haɗa miki maganin kashe ƙwayoyin cuta, ba abin da zai yi wa wannan. In kina fama da ƙwannafi, ki daina kwanciya da zarar kin ci tuwon dare.

In ta kai mako 3 ba ta washe ba, ko tana yawan dawowa, ki ga likitan kunne, hanci da maƙogwaro ya leƙa, don malamai kan samu 'yan ƙulli a tantanin. Amma in numfashi ko haɗiya suna yi miki wuya, ko kin ga jini a kaki, ko ƙari a wuya, ki tafi asibiti ba tare da jira ba.