Sabo Ɗan Gata da Ilu Kuɗi Hannu

Sabo da Ilu gurin ubangida ɗaya suka tashi a Kantin Kwari, rana ɗaya kuma Alhaji ya sallame su da jari daidai wa daida.

Sabo akwai zaƙin baki, kafin wata uku ya samu wani dila mai shigo da atamfa da shadda daga Chana yana ba shi kaya bashi, ya ɗauka yau ya biya bayan sati biyu, shago ya cika maƙil har sama, kwastomomi daga Maraɗi da Damagaram sai layi suke, nan da nan ya sai mota ƴan layi suka sa masa Ɗan Gata. Shi kuwa Ilu iya kuɗinsa iya kayansa, in na turmi talatin ne da shi talatin ɗin zai saro ya biya a take, rabin kantarsa wayam.

"Mutumina wannan ai ba kasuwa kake ba, gadi kake," Sabo ya kan tsokane shi.

"Bar ni da gadin, ina barci dai."

Abin da Sabo bai taɓa zama ya lissafa ba, farashin bashi daban na kuɗi hannu daban, duk turmi sai an ɗora masa wani abu, Ilu kuwa ragi ake masa. Kuma in ranar biya ta matso dole ya karyar da kaya ko da faɗuwa, ga shi ma ya raba bashin a gari, wai kar kwastoma ya gudu.

Sai ga 2023, aka saki naira dala ta haukace, farkon 2024 ta haura 1,500. Dila ya ce shi fa da dala yake sari, don haka farashin ranar biya za a bi ba na ranar ɗauka ba. Kayan an riga an sayar a tsohon kuɗi, masu bashinsa rabi sun kashe waya. Ya karɓo gurin wani dilan ya toshe wannan, ya karɓo na uku ya toshe na biyu, haka dai har dattawan layi suka zauna a kansa. Motar ce ta fara tafiya, shagon ya bi.

Ilu ba wai bai ji jiki ba, kuɗin turmi talatin sai da ya koma na ashirin, amma kayan da ke kantarsa nasa ne, ya sayar a sabon farashi ba mai buga masa waya. Da aka sa shagon Sabo a kasuwa shi ya kama hayar.

Yanzu Sabo dillanci yake a bakin layi. Rannan ya leƙo.

"Alhaji Ilu, shadda biyar zan ɗauka, da la'asar zan kawo kuɗin."

Ilu ya miƙa masa kujera.

"Zauna ka ci abinci tukuna. Mai sayen kuma kira shi ya zo nan da kuɗinsa, la'adarka na nan."