Amsar kukanka kan rabon aiki a magaza

Assalamu alaikum Malam, ina wuni, ya aiki ya iyali?

Takardarka ta iso hannuna ran Litinin, na karanta ta a tsanake kuma na nuna wa darekta. Na ce bari in rubuto maka da kaina kar ka ji shiru ka ɗauka an jefa ta cikin durowa.

Ga abin da na fahimta, in akwai inda ban kama daidai ba ka gyara min. Ka ce tun da abokin aikinka ya tafi hutu lodin Magariya da na Matamai duk sun dawo kanka, ga na Mirya da yake naka dama, kuma ran Alhamis da kasuwar Dole ke ci sai ka kai bayan isha'i kana ƙirga buhuna da katan a bakin kamiyo da fitilar waya alhali wasu sun tashi tun la'asar. Wallahi na ji gajiyar da ke cikin maganarka, kuma na ji daɗi da ka kawo ta biro a rubuce.

Amma ka gane ni Malam, wannan amsar ba hukunci ba ce. Ba mu ce an zalunce ka ba, ba mu kuma ce abin da ka faɗa ba haka yake ba, don har yanzu bakinka kaɗai muka ji, shef na magaza da sauran ma sai an saurare su. Za mu ɗauko kayen shiga da fita da takardun lodi na wata 2 da suka wuce mu ga wa ya yi me, awa nawa. Dokar aiki ta Nijar ta 2012 awa 40 ta sa a sati, to da ita za mu auna, abin da lissafi ya nuna kuma za a sanar da kai a rubuce.

Kafin nan, daga Alhamis mai zuwa za a ba ka mutum ɗaya ya kama maka lodin Magariya. Matakin wucin gadi ne don aiki ya yi sauƙi, ba wai an gama bincike ba.

Ka zo biro ran Laraba ƙarfe 10 na safe, in kana so ka taho da delege na ma'aikata, kuma in kana da ranakun da ka rubuta ka riƙo su. Ba wanda zai taɓa albashinka ko ya canza maka fuska don ka kawo kuka, in ka ga alamar haka ka same ni kai tsaye. Haƙƙinka na zuwa wajen sufeton aiki na nan Damagaram ma yana nan yadda yake.

Ka amsa min in Larabar ta yi maka. A gaida gida.

Shugaban sashen ma'aikata